Riyal a tsaye, Naira na rawa

Mutanen gida na yawan tambayata me ya sa nake fargabar canji alhali a Jidda nake zaune. To, riyal dai ba ta motsi: tun 1986 dala ɗaya tana kan riyal 3.75. Matsalar ita ce jarina na Kano, a naira, wurin masu karɓar kaya bashi.

Na yi odar kwantenar yadi ta dala 40,000 daga Guwanzu a ƙasar Sin. Na ba da kafin alƙalami kashi 30, wato 12,000. Ragowar 28,000 sai kamfanin da na yi odar a wurinsa ya turo kwafin takardar lodi, kusan wata biyu ke nan. A tsakanin nan in dala ta ƙara naira 50 kacal, naira miliyan 1.4 ta tafi, ko kwali ban buɗe ba.

Wani abokina ya ce, "Alhaji, ka dakata, za ta sauko." Wataƙila. Amma kamfani ba ya sakin takardu sai kuɗi sun cika, kwantena kuwa in ta kwana a tasha bayan kwanakin alfarma, kuɗin jinkiri kullum hawa yake.

Shi ya sa duk cinikin da ya shigo nake mai da shi riyal a makon. Rabin ragowar na hannu yanzu, saura na jiran 'yan kasuwar Kwari ta Kano su biya.