Saƙon da nake turawa mai ba ni sari kafin in ɗora zanin gado a sitatus

Zanin gado kaya ne da ake saye da ido amma da awo ake amfani da shi, kuma mu da muke ƙauye muna sana'a ta waya ba ma taɓa kayan sai sun iso. Ni a wani gari nake kusa da Ringim, mai ba ni sari yana Kantin Kwari, in na biya ya ba yaronsa ya kai tasha direba ya kawo min. To kin ga in kaya suka zo ba daidai ba, kuɗin motar dawo da su da jiran canji kaɗai sun cinye ribar, ga kwastoma kuma ƴar garinku ce gobe za ku haɗu a gidan suna. Shi ya sa duk wani bincike sai in gama shi a rubuce tun kuɗina suna hannuna.

Abin da ya fi ba da wahala shi ne awo. In kika tambayi ɗan kasuwa girman zani zai ce miki "babba ne Hajiya, siks bai siks ne", kuma ba ƙarya yake ba a nasa ganin, sai dai siks bai siks awon katifa ne ba na zani ba, wato ƙafa 6 tsawo ƙafa 6 faɗi, inci 72 kenan kowane gefe. Zani kuwa ba saman katifa kaɗai zai rufe ba, sai ya sauko ta gefe biyu ya kuma bar abin da za a cusa a ƙasa. Ɗauki katifa mai kaurin inci 10, irin wadda ake yawan saka wa amare. Inci 72 na sama, a ƙara 10 ta dama 10 ta hagu ya zama 92, sannan a bar ko inci 6 kowane gefe na cusawa, ya tashi 104. Yadi ɗaya inci 36 ne, kenan kusan yadi uku ake magana.

Yanzu ki duba abin da ake rubutawa a jikin ledar wasu zannuwan, misali 230 x 250. Wannan santimita ne, kuma inci ɗaya santimita 2.54 ne, in kika raba za ki samu wajen inci 90 da 98. Gefen 98 ɗin zai rage inci 13 kowane ɓangare, ya rufe kaurin katifar ya bar 3 kacal, da yaro ya yi birgima sau ɗaya ya zame. Gefen 90 kuwa inci 9 ne zai sauko, ko ƙasan katifar bai kai ba balle a cusa. Amma zanin nan dai in aka shimfiɗa shi a katifa mai faɗin ƙafa huɗu da rabi, inci 54, ta faɗi har da rara. Zanin lafiyarsa ƙalau, kawai dai ba na wancan gadon ba ne, ita kuma wadda ta saya ba ruwanta da wannan lissafin, cewa za ta yi kin sayar mata da ƙaramin zani.

Ga yadda nake rubuta masa, wani lokacin in ɗan canza amma ƙashin bayan kenan:

"Assalamu alaikum Alhaji, an wuni lafiya, ya kasuwa ya iyali. Na ga zanin gadon da ka turo jiya, ina son mai furen nan ruwan toka da kuma marun ɗin. Don Allah kafin in tura kuɗi a taimaka min da abu uku. A buɗe guda ɗaya a auna tsawo da faɗi da tef na tela a rubuto min a inci, ba wanda ke jikin leda ba, a haɗa da awon rigar filo da kuma guda nawa ne a ciki. Sannan yadin auduga ne zalla ko mai roba ko gauraye, in akwai lakabi a jikinsa a ɗauko min hotonsa. Na ƙarshe hoto a ƙofar shago da hasken rana ba filasha, ɗaya a buɗe gaba ɗaya, ɗaya na kusa yadda zan ga saƙar, ɗaya na bayan yadin da bakin ɗinki. Ba sauri nake ba, ko yaro ne ya yi in kasuwa ta lafa. Allah ya ƙara buɗi, na gode."

Na ce a rubuto ne saboda ƴan kasuwa sun fi son murya, ya danna ya yi magana cikin hayaniya ya wuce, to 98 da 90 a cikin hayaniyar Kwari ba lallai ki bambance ba, kuma in magana ta taso daga baya rubutu ne kowa zai koma ya duba ba tare da musu ba. Maganar yaro kuma da gangan nake sa ta, Alhaji ba zai bar masu sayen dila ya tsaya auna min zani ɗaya ba, in ban buɗe masa wannan hanyar ba shiru zan ji.

Batun yadi, a zafin da muke sha daga Maris zuwa Mayu ga ba wuta, mutane na tambaya sosai. Auduga tana shan gumi, mai roba kuwa sheƙi da kala ya fi amma kwana a kansa sai ki ji kina naso. Kalmar "mai kyau ne" ba ta amsa wannan. In samfur ya iso hannuna ina zaro zare kaɗan daga cikin kalmasa in kunna masa ashana a kan faranti, auduga tana ci da wuta kamar takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi baƙin ƙulli mai tauri da warin leda, gauraye sai ki ga toka da ɗan ƙulli tare. Wannan gwajin ba zai gaya miki kashi nawa ne audugar ba, iyakarsa ya hana ki rubuta "auduga zalla" a kan abin da ba ita ba. Kuma auduga takan ɗan tsuke a wankin farko, don haka zanin da awonsa ya tsaya daf da daf ban cika ɗauka ba.

Hoto shi ma da nasa. Hoton da ke jikin leda ko wanda aka turo daga kamfani gado ne da aka gyara aka haska, ba shi nake so ba. Fitilun shago suna canza kala, marun ya fito ja, ruwan toka ya koma kamar shuɗi, mai haɗa kayan ɗakin ƴarta kuma da labule take daidaitawa. Bayan yadin nake nema don in zanen bugawa aka yi a sama bayan yakan fito fari-fari, sai in san me zan gaya wa mai saye. WhatsApp yana matse hoto saƙar ta dushe, shi ya sa na kusan nake roƙon a turo shi ta Document, data ya fi ci kuma da irin sabis ɗinmu sai dare yake sauka, amma guda ɗaya ne ai.

In amsa ta zo sai in rubuta awon a inci ƙarƙashin hoton a sitatus, da irin katifar da zai yi wa. Duk wadda ta yi min magana kuma kafin mu yi ciniki sai na tambaye ta faɗin katifarta da kaurinta, in ba ta da tef ta aro wajen tela ko ta auna da igiya ta kai masa ya duba mata.