Don lambar wasa ta shiga, ba shi ke nuna ta halal ce ba

Kafin in biya kuɗin kowace lambar buɗe wasan bidiyo, abin da nake fara tambayar mai sayarwa shi ne me zai turo mini: lamba, ko sunan asusu da kalmar sirri? A nan yawancin damfarar take ɓuya.

Idan lamba ce, ina duba tsarinta. Ta Steam, shagon wasannin kwamfuta na intanet, galibi haruffa da alƙaluma 15 ce, kashi uku biyar-biyar. Ta PlayStation 12, ta Nintendo 16, ta Xbox 25. Sai dai wannan ƙaramin gwaji ne, don ɓarawo ma ya san tsarin.

Abin da ya fi cutar da mutane shi ne lambar gaske da aka saya da katin banki na sata. Ɓarawo ya sayi lambobi da yawa da katin wani, ya zuba su a kasuwar 'yan kayi-nayi a rabin farashi. Ka saya, ka shiga `Activate a Product on Steam`, wasa ya sauka, ka yaba wa mai sayarwa. Bayan makonni mai katin ya ga an cire masa kuɗi, ya kai ƙara banki, banki ya janye kuɗin daga kamfanin wasan. Kamfanin kuwa sai ya soke lambobin, ka wayi gari wasa ya ɓace. Steam ba zai mayar maka da komai ba, domin dokarsa ta mayar da kuɗi cikin kwana 14, in ba ka kai awa 2 kana wasan ba, ta shafi abin da aka saya a shagonsa ne kawai. Shi ya sa yabon masu saye ba ya ruɗa ni: ranar saye ake rubuta shi, tun kafin asiri ya tonu. Wasan da ya fito a makon nan kuma aka karya farashinsa haka, ba na taɓa shi. Ina kuma karanta ko an ƙulle lambar ga wani yanki, don wata ba ta buɗewa sai a ƙasashen da aka ware mata.

Asusu kuwa ba na saye ko kaɗan. Za a ce ka shiga sau ɗaya, ka sauke wasan, ka koma `Offline Mode`. Ma'anarsa mutane da dama ne ke kan asusun nan. Ko an ba ka imel ɗin, mai shi na asali yana da rasit na farko, kuma da shi zai karɓe abinsa ta sashen taimako. Ba ka da inda za ka kai kuka, tunda ƙa'idar Steam ta hana sayar da asusu.

Saƙon kyauta daga aboki ma ina yi masa taka-tsantsan, don sau da yawa an sace asusunsa ne. Ba na danna mahaɗin. Ina buɗe manhajar Steam da kaina, domin kyautar gaske a can take bayyana. Shafin da ya nemi lambar tsaron asusu ta `Steam Guard` alhali adireshinsa ba `steampowered.com` ko `steamcommunity.com` ba ne, rufe shi nake yi nan take.