Yadda na yi wa maƙalata maki kafin malami ya gan ta

Jingar da aka ba mu a darasin adabin Afirka ita ce maƙala mai kalmomi 1,500 da Turanci, a tattauna yadda aka nuna bauta a ƙagaggen labari guda. Na ɗauki Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, tunda akwai fassarar Turanci da Mervyn Hiskett ya yi a 1967, kuma na san na Hausar tun ina ƙarami. Tare da tambayar malamin ya raba mana takardar rabon maki, wadda ɗalibai ke kira rubirik. Maki 30 ne, an kasa su gida biyar: matsaya 8, sharhi da hujja daga matani 10, tsari 5, harshe 4, madogara da manazarta 3. A gaban kowane gida akwai matakai huɗu, kowanne da ɗan bayanin irin aikin da ya cancanci makin.

Da na gama rubutu na karanta a waya, a cikin motar danfo daga Agege zuwa Oshodi a Legas, na ba kaina 25. Wannan makin ƙarya ne. Mai rubutu ya san abin da yake nufi, saboda haka duk inda jimla ta gaza, kansa ne ke cike gurbin ba tare da ya lura ba. Malami kuwa abin da ke kan takarda kawai yake gani. Idan rubirik ta ce "sharhi mai zurfi", kowa zai ce nasa mai zurfi ne. Sai an mayar da kalmomin rubirik abin da ake ƙirgawa ko a nuna da yatsa, sannan awon zai yi amfani.

Na bar maƙalar kwana biyu ban taɓa ta ba, sannan na buga ta a shagon buga takardu na unguwarmu, da tazara biyu tsakanin layuka don a sami wurin rubutu. Na ɗauko biro uku, ja da shuɗi da kore. Dokar da na kafa wa kaina ita ce gida ɗaya a kowane karatu, wato karatu biyar, kuma ba zan rubuta maki ba sai na rubuta lambar sakin layin da ke tabbatar da shi. Idan na rasa tsakanin mataki biyu, na ƙasa zan ɗauka.

Na fara da gidan da ya fi tsoka, sharhi da hujja. Matakin sama, maki 9 zuwa 10, yana neman a bayyana yadda salo da zubi suke gina ma'ana, kowane batu da hujjarsa. Matakin 6 zuwa 8 shi ne akwai hujja amma sharhin bai yi nisa a ko'ina ba. Na 4 zuwa 5 kuwa, yawancin aikin maimaita labari ne. Don in san inda na faɗa, na bi tsakiyar maƙalar jimla bayan jimla. Duk jimlar da ke faɗin abin da ya faru a littafin na ja mata layi ja. Wadda ta ɗauko kalmomin marubuci ko ta nuna takamaiman wuri da shafinsa, shuɗi. Wadda ta faɗi yadda aka yi abin, ko dalilinsa, ko abin da yake haifarwa a zuciyar mai karatu, kore. Akwai gwaji mai sauƙi na bambance ja da kore: idan duk wanda ya karanta littafin zai iya faɗin jimlar ba tare da ya yi tunani ba, ja ce.

Sakin layi bakwai ne a tsakiyar, jimloli 60. Ja ta ci 34, shuɗi 9, kore 17. Shafi na biyu kamar an yanka kaza a kansa. Abin da ya fi muni, sakin layi biyu ba su da shuɗi ko ɗaya, wato na yi da'awa ba shaida, sannan uku daga cikin shuɗin tara a ƙarshen sakin layi suka zo, ba koren da ya biyo bayansu. Wannan kuskure ne da ɗalibai ke yawan yi: a ɗauko zancen marubuci a dasa, a wuce, a zaton zai yi wa kansa bayani. Da fiye da rabin jimlolina ja, ba yadda zan yi in ce na wuce matakin maimaita labari. Na rubuta 5.

Ga yadda sakin layi na huɗu yake kafin gyara, in mayar da shi Hausa. Na ce an sace Umar yana yaro, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, ya tafi da shi Ber Kufa, ya riƙe shi kamar ɗansa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Na rufe da cewa wannan ya nuna bauta ta yi yawa a wancan zamani. Jimla shida ja, ɗaya kore, koren ma mai rauni, don za ta zauna daram a maƙalar kowane littafi da ya taɓo bauta. Da na zo gyara, na dunƙule labarin cikin jimla biyu, sauran wurin na ba tambayar da ban yi ba da farko: wa ke ba da labarin, kuma daga ina yake magana? Umar ne da bakinsa, bayan ya riga ya zama shaihi mai daraja a Rauta, ɗalibansa na zaune gabansa. Mutumin da ya san ƙarshen tafiyarsa alheri ne, ba zai ba da labarin sace shi da muryar wanda ke cikin uƙuba ba. Wannan magana ce a kan zubi, kuma ita ce irin wadda matakin sama ke nema. Na kawo gajeren zance ɗaya daga fassarar, na bi shi da jimla uku a kan sanyin muryar mai labarin. Tun daga nan ma'aunina ya zama kowane shuɗi ya sami kore biyu aƙalla a bayansa.

Gidan matsaya ya fi saurin awo, ya kuma fi ciwo. Na nemi jimla ɗaya a gabatarwa wadda wani zai iya musantawa. Abin da na samu shi ne "wannan maƙala za ta duba jigon bauta a Shaihu Umar". Wa zai yi gardama da wannan? Sanarwa ce, ba matsaya ba. Rubirik ta ajiye irin wannan a mataki na uku, maki 3 zuwa 4, na ba kaina 4. Abin mamaki, matsayar gaskiya tana nan, amma ta ɓuya a sakin layi na bakwai, inda na lura cewa uwar Umar ta fito neman ɗanta tana da 'yancinta, ta ƙare a hannun masu cinikin bayi, ta rasu jim kaɗan bayan sun sadu. Haka yakan faru, sai mutum ya kusa gama rubutu yake gano abin da yake son faɗa. Na ɗauko ta na kai gabatarwa: littafin ya tausasa bautar Umar ya mai da ita hanyar ilimi, ɗacin bautar kuwa a kan uwarsa ya sauke shi. Wannan ana iya musunta ta, don wani zai ce sace yaron ma ai ɗaci ne, kuma dole na ware rabin sakin layi na amsa masa.

A gidan tsari na rubuta taƙaitaccen batun kowane sakin layi a gefen takarda, kalmomi biyar ko shida, na karanta su a jere. Sai ga shi tafiyar Umar kawai na bi, daga Kagara har ƙarshe, wato tsarin littafin na ara, ban gina nawa ba. Sakin layi na biyar ya ƙi taƙaituwa saboda batu biyu ne a ciki. Na ba kaina 3. Harshe ma 3, saboda ƙa'idar sharhin adabi a Turanci ita ce a ba da abin da ke cikin littafi da lokaci mai ci, ni kuwa ina ta zamewa zuwa shuɗaɗɗen lokaci, sau 11 na ƙirga. A madogara, tsarin `MLA` aka ce mu bi, sunan marubuci da lambar shafi cikin baka, ba waƙafi a tsakaninsu. Nan na kama wani tarko da ke jiran duk Bahaushen da ya san asalin littafin: a wuri biyu na fassara zancen da kaina daga Hausa, amma na sa shafin Hiskett. Malamin da ya buɗe shafin ba zai ga kalmomin ba. Ko dai a ɗauko na Hiskett daidai, ko a kawo Hausar a rubuta cewa fassarar tawa ce, a kuma saka bugun Hausar cikin manazarta. Maki 2.

Jimilla 17 cikin 30, kusan kashi 57 cikin ɗari, wato C a ma'aunin jami'o'inmu, inda A ke farawa daga 70. Don in taka A ina bukatar 21. Saura kwana uku a miƙa, kuma hannuna ya fi karkata ga gyaran waƙafi da manazarta, don shi ne mai sauƙi. Amma lissafi ya nuna duk abin da zan tsinta a harshe da madogara bai wuce maki 2 ba, alhali na zubar da 9 a matsaya da sharhi. Kwana biyu suka tafi a waɗannan, sauran na yi su a daren ƙarshe.

Akwai abin da biro uku ba sa iya gani. Jimla tana iya zama kore amma fahimtar da ke cikinta karkatacciya ce, ko kuma ta fito wa mai ita sarai alhali ta rufe wa wani. Shi ya sa na ba yayata, wadda ke koyarwa a wata sakandare a Idi-Araba, gabatarwar kaɗai, na ce ta faɗa mini abin da maƙalar za ta kare. Ta karanta ta ce, "Ƙanena, na gane maganar uwar, amma wannan tausasawar, marubucin ne ya yi ta ko Umar?" Ban bambance su ba ko kaɗan. Na ƙara jimla biyu da ke raba mai ba da labari da marubuci.

A awo na ƙarshe ja ta sauko 19, shuɗi 12, kore 27, na ba kaina 22. Malamin ya ba ni 21. Mun yi daidai a gida huɗu, sai a tsari da na sa 4 ya sa 3, ya rubuta a gefe cewa kammalawata gabatarwa ce na sake juyawa. Na koma rubirik ɗin, ga shi kuwa a matakin sama na gidan tsari an ce kammalawa ta ɗora wani abu a kan abin da aka tabbatar. Karatuna na tsari sakin layin tsakiya kawai ya bi, ban taɓa sa wa na tara, wato kammalawar, biro ba.