Yadda nake gwada sabon rubutu da na asali

Aikina duba takardu ne bayan an sake rubuta su, kuma na daɗe da lura cewa lambobi ba su fiye sauyawa ba. Wanda ya ga 30 zai rubuta 30. Ƙananan kalmomin da ke kewaye da lambar su ne suke zamewa, irin su "aƙalla", "kafin", "ko", "sai dai". Su ne kuwa suke yanke wa ya cancanta, wa bai cancanta ba.

Wata sanarwa ta neman gurbin horo da aka kawo mini ta isa misali. Ta asalin doguwa ce, mai nauyin karantawa, sai aka ba wani ya sauƙaƙa ta. Ya yi ƙoƙari ƙwarai, sabuwar tana da daɗin karatu. Ni dai ba na fara karanta sabuwa, domin idan ta shiga kaina, duk abin da na gani a tsohuwar sai in ga kamar daidai suke. Ta asalin nake ɗauka tukuna, in fitar da kowace lamba da kwanan wata da suna da sharaɗi a takarda daban, kowanne a layinsa, tare da kalmomin da ke manne da shi. Ba na rubuta "30" ita kaɗai. Nakan rubuta "bai wuce shekara 30 ba a ranar 1 ga Maris, 2024".

Da na zo wannan layin a sabuwar, sai na tarar an rubuta "ƙasa da shekara 30". Lambar tana nan, amma ɗan shekara 30 cif, wanda ta asalin ta yarda da shi, yanzu an fitar da shi. An kuma jefar da ranar da za a lissafa shekarun, alhali ita ce ke raba gardama ga wanda ranar haihuwarsa ta faɗo kusa. Hanyar da nake gane irin wannan ita ce in ƙirƙiri mutumin da ke tsaye a kan iyaka, in tambayi takardun biyu: ya shiga ko bai shiga ba? Idan amsarsu ta bambanta, an taɓa sharaɗi.

Wa'adi ma haka. Ta asalin ta ce a miƙa takardu cikin kwanakin aiki 10 bayan fitowar sanarwar, wadda ta fito ranar Litinin 5 ga Fabrairu, 2024. Sabuwar ta ce "cikin kwana 10". Na ɗauko kalanda na ƙirga. Kwana 10 zalla sun ƙare ranar 15 ga Fabrairu. Kwanakin aiki 10, idan aka cire Asabar da Lahadi, sai Litinin 19 ga wata. Kalma ɗaya ta faɗi, an rage wa mutane kwana huɗu. Wannan yana damuna sosai, domin wanda ya ga 15 ga wata ta wuce zai haƙura, bai san ƙofa tana buɗe ba.

Akwai kuma inda aka ce takardar shaidar karatu ko gogewar aiki ta aƙalla shekara 3, sabuwar ta mayar da "ko" ta koma "da". Abu ɗaya ake nema, ya zama biyu.

Sunaye ba sa cin lokaci. Harafi bayan harafi nake bi, domin Muhammad da Muhammadu da Mohammed ba ɗaya ba ne a kan takardar hukuma. Nakan yi amfani da `Ctrl+F` in ga ko sunan ya zo iri ɗaya a ko'ina, amma ina tuna cewa binciken "k" ba lallai ya kamo "ƙ" ba.

Idan na gama bin jerina, sai in juya aikin. In ɗauki sabuwar, in nemi tushen kowace lamba da sharaɗi a tsohuwar. Zagayen farko yana nuna abin da ya ɓace ko ya sauya, na biyu yana nuna abin da aka ƙara. A nan na ga an rubuta 3 ga Afrilu a matsayin ranar tantancewa, alhali ta asalin 03/04/2024 kawai ta ce. A tsarin Birtaniya 3 ga Afrilu ke nan, a na Amurka kuwa 4 ga Maris. Mai gyaran ya zaɓi ɗaya da kansa. Ban goge ba, ban kuma amince ba. Na sa alama, na aika wa wanda ya rubuta ta asalin tambaya, kuma sai da amsarsa ta zo a rubuce na bari aka fitar da takardar.