Kwalin da ke bayan ƙofar shagona

Duk wadda ta taɓa shigowa shagona na kitso da gyaran jiki a Kabuga nan Kano ta san ba na wasa da abu biyu, tsafta da kuma hannu. Kitson da za ki fita da shi daga wajena sai ya yi sati uku bai tashi ba, kuma ba za ki kwana da ciwon kai ba don mun ja miki gashi kamar muna ɗaure akuya. To amma akwai lokacin da wannan maganar gaskiya ce kawai in ina nan, ranar da ba na nan kuwa sai dai abin da Allah ya yi. Wata kwastoma da ta daɗe tare da ni ce ta faɗa min a fuska, ta ce Anti ni in na leƙo ban ga takalminki a bakin ƙofa ba juyawa nake. Na yi dariya a lokacin amma wallahi maganar ta tsaya min a rai, don ni ba zan yi ta zama a shago kamar an dasa ni ba, ina da yara, ina da biki da suna kamar kowa.

Ni a gida na koyi sana'ar nan, wajen gwaggona a cikin gari, tun ina 'yar shekara tara nake riƙe mata kibiya ina miƙa mata man kitso. Ita ba ta taɓa rubuta komai ba, ba ta ma buƙata, mutum ɗaya ce da tabarma da kujera 'yar tsugunno, komai yana cikin kanta. Da asuba ta kwaɓa lalle, ta wanke mataji da ruwan zafi, in kika taɓa kan mutum ba ki wanke hannu ba sai kin sha ranƙwashi. Gyaran jiki kuma, su halawa da dilka da haɗin turare, wajen wata 'yar Maiduguri na koya, na yi shekara biyu ina damawa ina ƙona sukari kafin ta bari na taɓa jikin amarya. Shekara biyu fa! Yanzu yarinya za ta zo ta zauna miki wata uku, ta ɗauki hoton aikinki a waya, gobe ki ji ta buɗe nata a layin baya tana yin rabin kuɗinki, sai kwastoma ta zo tana miki ciniki wai can ana yi a rahusa. To Hajiya ki je can ɗin mana, in gashin ya karye ai kin san hanyar nan.

Abin da ya sa na zauna na rubuta takardar buɗewa da rufewa, wato kwalin nan da ke bayan ƙofa, dai wuta ce. Wata ranar Laraba da yamma an ɗauke wuta ana tsakiyar miƙar wa wata gashi, aka ƙarasa da janareta, aka tashi aka maida layi kan NEPA aka kulle. Yarinyar da ta rufe ta duba ko'ina ta ga duhu, ba abin da ke kunne a idonta, ta tafi. Ashe abin miƙar da gashin yana jone, an ajiye shi kan tawul. Cikin dare aka kawo wuta. Da safe na buɗe ƙofa ƙauri ya dake ni, tawul ya ƙone ya yi baƙi, saman teburin ya narke, Allah ne kawai ya tsare bai kama labule ba. Na tambaye ta, ta rantse min ta kashe komai, kuma ban ce ƙarya take ba, don in babu wuta abin da ke kunne da wanda ke kashe kamarsu ɗaya.

Daga nan na gane ba a rubuta "a kashe kayan wuta". Abin da ke jikin kwalina yanzu shi ne a zare filogin diraya biyu, da na abin miƙar da gashi, da na hita, a rataye wayoyin a ƙusa. Na sa an buga min ƙusoshi huɗu a bango, in kin tsaya a bakin ƙofa kika ga ƙusa ɗaya ba waya a jikinta kin san akwai abin da ke jone. Haka famfo ma, in tanki ya ƙare yarinya ta murɗa ba ruwa sai ta bar shi a buɗe, da safe mai garuwa ya zuba ruwa sai ki tarar da tabki a tsakar shago. Don haka layin famfo cewa ya yi a kama kan kowanne da hannu a murɗa, ko da ruwa ko babu.

Takardata ta farko kam shirme ce, gara in faɗa. Na je shagon buga takardu aka buga min da Turanci, layi talatin da bakwai, har da su a yi murmushi ga kwastoma. Ba wadda ta karanta ta kai ƙarshe, ni kaina ban kai ba. Ta biyun sai na tara yaran shagon bayan la'asar na sayo musu awara, na ce kowa ta faɗi abin da take yi tun daga sa makulli har shigowar mutum na farko, muka riƙa zagaya shagon ina rubutawa da Hausa. A nan na ji abubuwan da ni na manta ina yinsu ma, hannuna ne kawai yake yi. Muka zubar da duk abin da ba sai an tuna wa mutum ba, shara dai ai kowa na ganin ƙasa, muka tsaya a layi sha biyu na safe da goma na dare, aka sa a kwali aka manne shi da leda a bayan ƙofa, muna rubutu a kai da maka muna gogewa.

Na safen ba a jera shi da muhimmanci ba, an jera shi ne da abin da ya fi cin lokaci. Kina shiga kafin ki cire mayafi ki dubi tanki, in ruwa bai kai rabi ba a kira mai garuwa tun kafin rana ta yi ya shiga layin wasu. Sai a ɗora ruwan zafi, sai a kwaɓa jan lalle in akwai mai zuwa, don shi lalle ba a kwaɓa shi a shafa nan take, yana son ya jiƙa ya yi awanni kafin ya saki kalarsa, in amarya ta safe ce ma tun dare ake kwaɓawa, shi ya sa a kwalin dare akwai layin duba littafin masu zuwa gobe. Yayin da waɗannan ke tafiya sai a haɗa ruwan wanke kaya, bilic gwangwani ɗaya ruwa gwangwani tara, a cire gashin da ya maƙale a mataji da kibiya a wanke da sabulu tukun, sannan a jiƙa minti goma a ɗauraye a shanya. Kullum sabo ake haɗawa, na jiya ƙarfinsa ya ragu ko da yana wari. Wannan layin ba na yafe shi, don makero da kwarkwata ta mataji suke bi daga kan wannan zuwa kan waccan, kuma uwar da 'yarta ta kwaso makero a shagonki ba ita kaɗai kika rasa ba, duk gidan bikinsu sai sun ji.

Janareta ma yana da nasa, a fito da shi waje can nesa da taga saboda hayaƙinsa kisa yake ba ya sallama, a duba baƙin mai kafin a ja, a tada shi ba komai a kansa, sannan a riƙa ɗora kaya ɗaya bayan ɗaya. Namu ba ya ɗaukar diraya biyu da hita lokaci guda, na rubuta hakan ɓaro-ɓaro don sabuwar yarinya ba za ta sani ba sai ta ji ya fara tari.

Sai matsalar da ban zata ba. Bayan sati biyu na lura duk layukan suna da alama tsaf, kyakkyawa iri ɗaya, amma na buɗe bokiti na tarar da jiƙaƙƙun tawul sun kwana suna tsami. Ashe tsayawa suke a bakin ƙofa su zana alamar duka a lokaci ɗaya su wuce. Ban yi faɗa sosai ba, na canja tambayar ne. Maimakon alama, yanzu lamba ake rubutawa. Tawul nawa ne busassu, nawa a igiya, dole su haɗu su ba da ashirin da huɗu. Man wanke kai saura kwalba nawa. Fetur yatsa nawa a jarka. Ba ki iya rubuta lamba sai kin je kin duba, kuma ta safe tana zuwa ta ga abin da ta dare ta rubuta, in bai yi daidai ba tun kafin takwas an san inda aka kwana. Wani amfanin kuma, man wanke kan da ake bin rilaksa da shi don ya kashe ƙarfinta ba ya ƙare mana ba shiri, in ya sauka kwalba biyu an rubuta. Da can sai an shafa wa mace rilaksa tana zaune sannan a ce ya ƙare, a tura yaro da gudu ya kwaso duk abin da ya samu. Ga masu kawo kayan nan kuma, ka ce a kawo Litinin sai Alhamis, rabinsa jabu, kwali iri ɗaya amma ki buɗe ki ji kamar ruwan omo. Ni sai na zuba a tafin hannu na shinshina kafin na karɓa, wannan hancin kam ban san yadda zan rubuta shi a kwali ba.

Na dare yana farawa daga can ƙuryar ɗakin gyaran jiki ya ƙare a ƙofa, yadda ba sai an koma baya ba. Kaskon turare a fitar da shi a zuba wa garwashin ruwa, ba a rufe shi da toka a ce ya mutu ba, halawa a rufe ta ruf saboda tururuwa, tawul a igiya, a tsince gashin da ke bakin magudanar wajen wanke kai, famfo, ƙusoshi huɗu, a rufe makunnin man janareta in ya huce a shigo da shi, kwaɗo biyu. Wadda ta rufe ta sa sunanta da lokaci ta turo min hoton kwalin. Ni ma in ni na rufe haka nake yi, babbar yarinyar shagona nake tura wa, ranar da na manta kaskon ita ce ta kira ni tana dariya wai Anti layi na ɗaya fa.

Lokacin sanyi muna ƙara goge madubi da kwalabe sau biyu saboda ƙura, da damina kuma ɗage kaya daga ƙasa. Satin sallah ne dai har yanzu kwalin yake shan wuya, muna kaiwa ƙarfe biyu na dare ido ya rufe, sai na sa mutum biyu su rufe, ɗaya na karantawa da ƙarfi ɗaya na taɓawa. Masu son lallen sallah da kitso dan Allah a zo a rubuta suna da wuri, kar a zo daren sallah ana min magiya, kuma farashi yana nan yadda yake, ba ragi.