Kuskuren takardar neman aiki yana bakin faci

Sana'armu buga takardu ce da duba su. Mu uku ne, kuma duba takardar neman aiki ni na riƙe wa kaina, domin ita ce ake kawowa a gurguje a ce gobe za a rufe karɓa. Abin da aikin ya koya mini shi ne da wuya ka ga takardar da aka rubuta sabuwa fil. Yawanci tsohuwa ce aka ɗauko aka yi mata kwaskwarima, an yanke nan, an liƙa can. To a bakin facin nan ne kuskure yake kwana, kamar yadda tsohuwar riga take fara yagewa daga inda aka ɗinke ta. Shi ya sa kafin in karanta ko layi ɗaya nakan tambayi mai ita: yaushe ka fara rubuta wannan, kuma ina da ina ka taɓa?

Wani saurayi ya kawo mini tasa, yana neman aikin kula da sito. An ce a rubuta da Hausa, shafi ɗaya, sakin layi huɗu. Ya ce, "Baba, na riga na duba, kwamfuta ma ba ta ja jan layi ko ɗaya ba. Bugawa kawai za a yi." Na ce masa kwamfuta ƙa'idar rubutun kalma take kallo, ba ruwanta da ko kalmar ta faɗi gaskiya. Na buga takardar a farar takarda, na ce ya miƙo mini takardar tarihin karatu da aikinsa, na ajiye su kafaɗa da kafaɗa.

Karatun farko na lokaci ne kawai. Nakan bi da fensir in ja layi a ƙarƙashin kowane "na", "ina", "nake", "nakan" da "zan", ba na kula da komai sai su. Sakin layi na biyu ya fara da "Ina aiki a sito tun 2019, ina kula da shigar kaya da fitarsu." Takardar tarihinsa kuwa ta ce ya yi aikin daga 2019 zuwa 2023. Na tambaye shi, ya ce ai ya bar wurin, takardar ce ya rubuta tun yana can. Ka ga ke nan takardunsa biyu suna ƙaryata juna, mai ɗaukar aiki kuma ba zai kira shi ya ji wacce ce daidai ba.

Gyaran ba wai a mayar da kowane "ina" ya koma "na" ba ne. A Hausa "ina" ba ya ɗauke da lokaci a kansa, daga abin da ya gabace shi yake aro. Saboda haka jimlar farko kaɗai muka ɗaure: "Na yi aiki a sito daga 2019 zuwa 2023." Ta biyu muka ce, "A lokacin ina kula da shigar kaya da fitarsu, kuma nakan ƙirga kayan duk ƙarshen wata." Kalmomi biyun nan, "a lokacin", su suka mayar da sakin layin gaba ɗaya baya. Can ƙasa kuma ya rubuta "zan iya aiki da kwamfuta". Na ce, ka iya ne ko za ka iya? Ya ce shekara huɗu da ita yake shigar da lissafin kaya. To ai "na iya" ne, wato hannu ya riga ya faɗa. "Zan iya" alkawari ne na wanda bai gwada ba, kuma da shi yaron yake rage wa kansa daraja bai sani ba.

Lokaci ba na gyara shi sai na tambaya. Na taɓa mayar wa wata baiwar Allah "ina karatun difloma" zuwa "na yi karatun difloma" don ya dace da sauran jimlolin, ashe ba ta kammala ba. Allah ya sa ta karanta kafin ta sa hannu. Da ta tafi da ita haka, da ni na sa ta yi iƙirarin shaidar da ba ta da ita.

Karatu na biyu na murya ne, kuma a nan ba fensir nake sa wa gaba ba, kunne ne. Nakan ɗauka ni ne wanda aka aika wa, ban san yaron ba, ga tulin takardu a gabana. Ya buɗe da "ku", cikin ladabi: "Na ga sanarwar da kuka fitar." A sakin layi na uku sai ga "idan ka ba ni dama". Wannan guntun daga wata takarda ya kwaso shi, wadda ya taɓa rubuta wa mutum ɗaya da ya sani. In mace ce za ta karanta fa? "Ku" ya wadatar daga sama har ƙasa, ko namiji ne, ko mace, ko kwamiti.

Wanda ya fi ba mu wahala shi ne wannan: "Ku taimaka mini don Allah saboda halin da nake ciki, wurin da na bari ba su san darajar ma'aikaci ba." Daga mai gabatar da ƙwarewarsa ya koma mai roƙo, daga roƙo ya faɗa ƙorafi, duk a numfashi ɗaya. Ya ce, "Baba, amma ai gaskiya ce." Na ce, ɗana, ban musa ba, sai dai mai karantawa zai ce haka za ka faɗa a kansa ran da ka bar shi. Ya yi shiru, ya ce a cire. Ba mu cusa wani abu a gurbin ba, takardar ta ɗan gajarta kawai. Rufewarsa ma mun sassauta ta, "ku kira ni a wannan lambar" ta koma "zan yi farin ciki in aka ba ni damar ganawa da ku". Iyakata ke nan a kan murya. Ba na cika wa mutum takarda da manyan kalmomin da ba ya faɗa da bakinsa, domin ranar ganawa shi zai zauna a gabansu, ba ni ba.

Karatu na uku na kalmar da ta ɓace ne, kuma shi ne ido ya fi cutar mutum a kai, domin wanda ya san abin da yake nufi ƙwaƙwalwarsa takan cike masa gibin da kanta. Nakan sa rula in rufe layin ƙasa, in fara daga jimlar ƙarshe in yi sama, ina faɗin kowace kalma a bayyane fensir yana taɓa ta. Manyan kalmomi ba sa ɓacewa. Ƙananan ne suke sulalewa, irin su "da", "a", "ne" da "ba", musamman a ƙarshen layi ko inda aka yanke aka liƙa.

A jimlar da ya ɗauko daga waccan takardar, wadda muka riga muka mayar da "ka" ɗinta "ku", ga abin da ke rubuce: "Idan kuka ba ni dama, zan ba ku kunya ba." "Ba" ɗin da ya kamata ya zo kafin "zan" ya tafi wajen yankan. Sau biyu na wuce ta kansa, har na yi gyara a cikin jimlar, ban gani ba. Na ba shi ya karanta da ƙarfi, sai ya karanta "ba zan ba ku kunya ba", lafiya lau, har sau biyu. Sai da na sa shi ya ɗora yatsa a kan kowace kalma, ya zo wurin ya tsaya, ya kama baki.

Muka shigar da gyare-gyaren, na sake bugawa, na sake bin duk jimlar da muka taɓa da wadda ke gabanta da wadda ke bayanta, tunda yanzu mu ma mun yi namu facin. A nan na tarar "a lokacin" ya fito sau biyu a jere, kuma hannuna ne ya yi. Na goge ɗaya, sannan na miƙa masa biro ya sa hannu.