Ranar da RSI ya haura 70, ban sayar da Bitcoin ɗina ba

A tsakiyar Disamba 2020 Bitcoin ya ƙetare dala 20,000 a karon farko, kuma ina riƙe da shi. A jadawalin farashi na kullum RSI, wato ma'aunin ƙarfin hawa da saukar farashi, ya haura 70, matakin da aka saba cewa saye ya wuce kima. Abokai suka yi ta matsa min lamba in sayar kafin farashi ya faɗo. Na ƙi, domin na san abin da lambar take aunawa.

J. Welles Wilder ne ya fito da wannan ma'auni a 1978. Yana kwatanta matsakaicin hawan farashi da matsakaicin saukarsa a cikin kyandir 14, wato kwana 14 a jadawalin kullum. Idan ya nuna 70, hawa ya ninka sauka kusan sau biyu da sulusi ke nan. Ƙarfin masu saye yake faɗa maka, babu ruwansa da tsada ko araha. To kasuwar da ta ɓalle sama da ƙarfi, me kake tsammani za ta nuna in ba haka ba? A makon farko na Janairu 2021 farashi ya kai dala 40,000, RSI kuwa ya wuce 80. Wanda ya fita a 70 ya bar riba mai yawa a baya.

Abin da na fi zuba wa ido shi ne inda RSI yake tsayawa idan farashi ya ja da baya. A hawa mai ƙarfi yakan yi yawo tsakanin 40 da 80, ba kasafai yake taɓa 30 ba. Da Bitcoin ya sauko wajen dala 30,000 a ƙarshen Janairu, RSI ya tsaya a kusa da 40, ya juya. Wannan ne ya kwantar min da hankali na ci gaba da riƙewa, bayan na sa umarnin tsayar da asara a ƙasan wurin da farashin ya juya.

Gargaɗin gaske a hankali ya zo. Farashi ya yi sabon ƙololuwa a Fabrairu, ya sake a Maris, ya kai wajen dala 64,000 a Afrilu, amma duk lokacin ƙololuwar RSI tana ƙasa da ta Janairu. Hawan yana ci gaba, ƙarfinsa yana raguwa. Sai dai a kula, wannan saɓani ya ɗauki watanni kafin ya yi tasiri, don haka shi kaɗai ba ya isa dalilin fita. Na rage abin da nake riƙe da shi kaɗan-kaɗan, na jira farashi da kansa ya yi magana. A cikin Afrilu RSI ya faɗa ƙasa da 40, a Mayu kuma farashi ya karya ƙasan da ya yi a baya. A nan na sayar da sauran.